Ragowar kuɗin ɗan kwangila da gidan da bai ga damina ba

Ranar da ɗan kwangila ya miƙa makullai, gida kan yi kyau fiye da kowace rana a rayuwarsa. Fenti na ƙyalli, tayil a goge, ƙofofi na rufuwa ba ƙara. Mai gida ya zagaya ɗaki ɗaki, ya ce madalla, ya biya ragowar kuɗi har da tukuici. To amma yawancin aibin gini ba a ranar yake fitowa ba. Rufin da aka yi wa ha'inci sai ruwa ya sauka a kansa yake tona asiri, harsashin da ba a haƙa da kyau ba kuma sai ƙasa ta sha ruwa ta bushe kafin bango ya fara tsagewa.

Saboda haka ne rubutattun yarjejeniyoyin gini suke ɗauke da sharuɗɗa biyu da ke tafiya tare. Na farko shi ne wa'adin gyara, wato wani lokaci bayan miƙa gini wanda duk abin da ya ɓaci a cikinsa saboda rashin ingancin aiki ko na kaya, ɗan kwangila zai dawo ya gyara da kuɗinsa. Na biyu shi ne kuɗin riƙo, wanda ma'aikatan gini ke kira ritenshan, wani ɗan kaso da mai gida ke cirewa daga kowane biya ya ajiye, don ɗan kwangila ya sami dalilin dawowa. A Najeriya abin da aka fi sabawa da shi a aikin gidaje shi ne wata 6 da kashi 5 cikin ɗari, al'adar da aka gada daga takardun kwangila na JCT na Birtaniya. Manyan ayyuka da ake yi bisa takardun FIDIC sun fi amfani da shekara guda. A Nijar da sauran ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa, shekara guda ce ke tsakanin karɓar wucin gadi da karɓar ƙarshe, kuɗin riƙon kuma ba ya wuce kashi 5.

A ɗauka wani ma'aikaci a Kano ya ba da kwangilar gida mai ɗaki huɗu a kan naira miliyan 40, kaya da aiki duka a wuyan ɗan kwangila. An gama harsashi har zuwa difisi, an ƙiyasta aikin a kan miliyan 8. Mai gida zai biya miliyan 7 da dubu 600, ya riƙe dubu 400. Haka za a yi a linta, a rufi, a filasta, har ƙarshe, inda abin da aka riƙe zai taru ya zama miliyan 2. Ranar da akitek ko injiniyan da ke sa ido ya ba da takardar cewa gini ya kammala har ana iya shiga, sai a saki rabi, miliyan 1. Ɗaya rabin yana nan hannun mai gida har wa'adin gyara ya cika, a zagaya, a rubuta abubuwan da suka ɓaci, a gyara, a ba da takardar shaidar an gyara.

Takardar kammalawa tana da nauyi, domin daga ranar da aka rubuta a kanta wa'adin ke fara ƙirguwa. Idan babu ita, sai a wayi gari ɗan kwangila na cewa tun ranar da aka kai kujeru aka fara lissafi, mai gida kuma na cewa ai har yau ba a gama ba tunda ba a sa ƙofar gareji ba.

Yanzu a duba kalanda. Mutane da yawa sun fi son yin rufi da fenti bayan ɗaukewar ruwa, don haka a ce an miƙa gidan nan ranar 15 ga Nuwamba. Wata 6 zai cika tsakiyar Mayu. A Kano, Katsina ko Sakkwato, ruwan kirki ba ya kankama sai Yuni, ƙarfinsa kuma yana Agusta. Ke nan wa'adin zai fara ya ƙare cikin hunturu da bazara, a saki miliyan ɗin ƙarshe, ɗan kwangila ya yi sallama, alhali rufin bai taɓa ganin ruwa mai ƙarfi ba. Wata 6 ɗin nan an aro shi ne daga ƙasar da ake ruwa kusan kowane wata, inda ko yaushe aka miƙa gini zai sha ruwa kafin wa'adi ya cika. A ƙasar Hausa duk wanda ya sa hannu a kan wata 6 ba tare da ya dubi watan da za a miƙa masa gida ba, ya riƙe kuɗi ne a banza. Abin da ya fi shi ne a rubuta wata 12, ko a ce wa'adin ba zai ƙare ba sai ƙarshen Oktoba na daminar farko bayan miƙawa. Layi ɗaya ne a takarda, kuma ɗan kwangilar da ya yarda da aikinsa ba kasafai yake gardama a kansa ba.

Me damina ke tonawa? Gidajen yayi masu katangar da ke ɓoye kwano su suka fi shan wahala. Ruwa na taruwa a kwatar siminti da ke bayan katangar, idan ba a ba ta gangara ba, ko bututun fitar ruwa ya yi ƙanƙanta, sai ya koma ƙarƙashin kwano. Alamar farko tabo ne ruwan ƙasa a kusurwar silin, kamar an zubar da shayi, daga baya fenti ya kumbura ya fara ɓarewa. A ƙasan bango kuma, idan danshi ya hau kamar taku biyu ko uku daga daɓe, yana fitar da farin gari kamar kanwa, to ba a yi difisi yadda ya kamata ba. Tayil da aka ɗora a kan simintin da bai cika bayansa ba, ana gane shi da ƙwanƙwasawa da makulli: mai kyau ƙararsa a toshe take, marar kyau yana amsa kuwwa.

Tsaga ita ce ta fi tayar da hankali, kuma ba kowace ce abin tsoro ba. Siririya kamar gashi da ta bazu a fuskar filasta, yawanci bushewa ce da sauri, musamman filastar da aka yi cikin iskar hunturu ba a ba ta ruwa ba. Cikewa da fenti sun ishe ta. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ta bi layin bulo kamar matakala, ana kuma ganinta ciki da waje, wannan daga harsashi take. Injiniyoyi kan ja layi da fensir a ƙarshenta su rubuta kwanan wata, su auna faɗinta, su dawo bayan makonni. Idan ta wuce layin, ko faɗinta ya haura milimita 5, gini na motsi. A yankunan baƙar laka na Borno, Gombe da Adamawa, inda ƙasa ke kumbura da ruwa ta tsuke da rani, shekara cikakkiya ce kaɗai ke nuna yadda harsashi zai yi.

Komawa ga gidan Kano, a ce an yi dabara an rubuta wata 12. Cikin Agusta silin ɗin falo ya jiƙe. Abin da yawancin masu gida ke yi shi ne su kira wani kafinta na unguwa ya gyara, sannan su ce za su cire daga kuɗin riƙo. Kuskure ne, domin dawowa gyara haƙƙi ne na ɗan kwangila kamar yadda yake wajibi a kansa, tunda shi da ma'aikatansa zai fi yi da araha. A wata shari'a ta 1999, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta ce mai gidan da bai ba ɗan kwangila damar gyara ba, abin da zai iya karɓa bai wuce abin da gyaran zai ci ɗan kwangilar da kansa ba. Hanyar da ta dace ita ce a ɗauki hoto, a rubuta masa takarda mai kwanan wata, a faɗi wurin da abin da aka gani, a ba shi lokacin da yarjejeniya ta tanada, misali kwana 14. Idan ya yi kunnen uwar shegu, sai a nemi farashi daga wasu, a sanar da shi, a gyara, a ajiye rasit. Gyara ya ci dubu 700, saura dubu 300 nasa ne, a ba shi idan wa'adi ya cika. Idan kuwa ya ci miliyan 1 da dubu 600, kuɗin riƙo ya ƙare, dubu 600 ɗin da suka haura bashi ne a kansa.

Cikar wa'adi ma ba ta wanke shi gaba ɗaya. Aibin da ke ɓoye, kamar rodin da aka rage a cikin dekin, ana iya kai ƙara a kansa bayan wa'adi, muddin lokacin da doka ta ƙayyade bai wuce ba, wanda a jihohi da dama shekara 6 ne. Sai dai a lokacin babu kuɗinsa a hannu, sai lauya da kotu.

Akwai abubuwan da ba sa hawa kansa. Ɓarnar masu zama a gidan, ramin da mai sa na'urar sanyaya ɗaki ya huda, da kuskuren zanen da ba shi ya yi ba, duk ba nasa ba ne. Mafi yawan rigima kuma a nan take: a garuruwanmu mai gida kan sayi kaya da kansa, ya biya birkila da kafinta kuɗin aiki kawai. Wanda ya sayo siririn kwano ko bulon da aka buga da yawa daga buhu ɗaya don ya rage kuɗi, ba shi da bakin cewa magini ya biya idan kayan suka gaza. Abin da zai iya kama shi da shi aikin hannunsa ne kaɗai, kuma kashi 5 na kuɗin aiki bai taka kara ya karya ba.

Ɗan kwangila shi ma yana da nasa kuka, kuma akwai gaskiya a ciki. Kuɗin riƙo guminsa ne na aikin da ya riga ya yi, sau da yawa wani babban yanki ne na ribarsa. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, don haka miliyan ɗin da aka riƙe masa shekara guda ya dawo hannunsa a rame. Ga kuma masu gida da ke ƙirƙiro aibi idan lokacin biya ya zo, ko su ce kuɗin ya shiga sayen labule. Shi kuma yakan riƙe wa mai walda da mai wayarin nasu kason, su ne ke ƙarshen layi. Ko a Birtaniya, da kamfanin Carillion ya durƙushe a Janairun 2018, ƙananan 'yan kwangila da yawa sun yi asarar kuɗin da ya riƙe musu. Maganin da aka sani shi ne a zuba kuɗin a asusu na daban wanda ba a cirewa sai da sa hannun ɓangarorin biyu, ko ɗan kwangila ya kawo takardar lamunin banki ta daidai adadin, a ba shi kuɗinsa, bankin ya tsaya masa har wa'adi ya cika. Banki na cajin kuɗi a kan takardar, yakan kuma nemi jingina, shi ya sa a ƙaramin aiki irin na miliyan 40 asusun haɗin gwiwa ya fi sauƙi, a rubuta a yarjejeniya kwana nawa za a saki kuɗin bayan takardar shaidar gyara.