Shin umarnin Stop yana hana asara? Gaskiya da ƙarya

Ana yawan faɗa wa sababbin 'yan kasuwar hannun jari cewa muddin suka saka umarnin Stop, su kwanta su yi barci, asara ba za ta wuce inda suka yanke ba. Rabin maganar gaskiya ne. Stop yana zaune shiru har farashi ya taɓa adadin da ka sa, daga nan sai ya rikiɗe ya zama umarnin Market, wato a sayar a duk farashin da aka samu.

A ce kana da hannun jari 1,000 da ka saya dala 100 kowanne, ka sa Stop a 95. Labari mara daɗi ya fito, masu saye suka janye. Wanda ya rage yana son 200 a 94.80, na bayansa 300 a 91, sai wani 500 a 85. Umarninka zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ka tashi da 88.76 a kowanne. Ka yi shirin asarar dala 5,000, ka kwashi 11,240. Irin wannan aka gani ranar 15 ga Janairu, 2015, da Babban Bankin Suwizalan ya daina tsare Yuro a kan farank 1.20: farashi ya tsallake inda mutane suka ajiye Stop ɗinsu, babu mai saye a tsakani.

Ana kuma cewa manhaja mai ciniki da kanta ta fi dacewa da Market, tunda sauri ake nema. Ni dai ban yarda ba. Manhaja ba ta razana in ta ga farashin banza, ci gaba take yi. Ranar 6 ga Mayu, 2010, wata manhaja a Amurka ta sayar da kwantiragi 75,000 na E-mini cikin minti 20, tana bin yawan ciniki kawai ba ta duba farashi. A wannan yammacin an sayar da hannun jarin Accenture a kan santi ɗaya.

To, Limit fa, da ake cewa babu haɗari? Farashi kam yana tsare shi, ba za a sayar ƙasa da abin da ka faɗa ba. Amma ciniki na iya ƙin faɗawa. A misalinmu, da Limit a 94, guda 200 kaɗai za su fita, 800 su zauna a hannunka farashi na gangarawa.

Duk da haka shi ya fi dacewa da manhaja. A sa shi ɗan ƙasa da tayin mai saye na yanzu, a haɗa da sharaɗin IOC, wanda ke soke duk abin da bai sayu nan take ba. Sai manhajar ta duba nawa suka fita, ta sake karanta farashi, sannan ta tura wani. A kuma rubuta mata iyaka: idan tazarar saye da sayarwa ta buɗe fiye da kima, ta tsaya ta sanar da mutum.