Furotin a Kwanon Mai Juna Biyu: Yadda Ake Lissafinsa

Ƙoshi daban, samun abinci mai gina jiki daban. Mace na iya cika ciki da tuwo sau uku a yini, amma furotin ɗin da take buƙata bai cika ba. Cibiyar Nazarin Lafiya ta Amurka ta ƙayyade giram 1.1 a kowane kilo na nauyin jiki a rabi na biyu na goyon ciki, wato kimanin giram 71 ga mace mai kilo 65.

Mu ɗauki abincin yini guda a gidan Bahaushe. Da safe koko da ƙosai huɗu, kimanin giram 10. Da rana kofi ɗaya na dafaffen wake, wanda ke ba da kusan giram 13, da kofin shinkafa mai giram 4. Da dare tuwon masara da miyar kuka da 'yar tsokar nama, a ce giram 14. Jimilla giram 41 ke nan, saura 30.

Giɓin yana cikuwa da abin da ke kusa. Ƙwai biyu suna ba da giram 12, kofin kindirmo 8, tafin hannu na gyaɗa 7, sai yankan awara biyu su ƙarasa sauran.

Inda lissafi ya fi ruɗar mutane shi ne ɗaukar nauyin abinci a matsayin nauyin furotin. Giram 100 na dafaffen nama giram 26 kacal yake ɗauke da shi. Haka kuma nonon da aka tsinka da ruwa, ko naman da aka raba wa mutum goma a tukunya, ba a lissafa shi cikakke. Abin da ya shiga kwanonta ake ƙirgawa.