Albashi mai tsoka ko gida da mota da magani: yadda ake auna tayin aiki biyu a ƙasar Yauri

Idan matashi ya samu takardun ɗaukar aiki biyu a Yelwa, tambayar da ake fara yi masa a majalisa ita ce nawa-nawa ne. Da ya faɗi lambobin, sai kowa ya nuna wadda ta fi girma ya ce a bi ta. Ba laifinsu ba ne, domin kuɗin da ake ƙirgawa a hannu shi ido ke gani. Gida da mota da katin asibiti kuwa sai an zauna da biro da takarda kafin a san nauyinsu. Nauyin nan kuma ba ɗaya ba ne ga kowa: gidan da zai ceci baƙon da ya taso daga Zuru ko Kontagora daga biyan haya, ga ɗan gari mai ɗaki a gidan gado ba ya rage masa ko kwabo.

Mu ɗauki misali, da lambobin da na zaɓa domin a ga yadda lissafin ke tafiya, kowa sai ya sa nasa a gurbinsu. Magidanci ne mai mata ɗaya da yara uku, ya iya aikin sito da ajiye lissafi. Wani kamfanin sayen shinkafa da albasa a Yelwa ya yi masa tayin naira 180,000 a wata, babu ƙarin komai. Wata gonar shinkafa a gefen Wara, hedikwatar Ngaski, ta yi masa tayin naira 140,000, da ɗaki biyu a gidajen ma'aikata, da motar da ke kai mutane bakin aiki, da inshorar lafiya. Tazarar a takarda naira 40,000 ce.

Wannan dubu arba'in ɗin ba za ta iso aljihunsa a cike ba. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfanin da ke da ma'aikata 15 ko fiye ya cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, shi kuma ya ɗora kashi 10 daga nasa. Sai haraji. A sabuwar dokar da ta fara aiki a watan Janairun 2026, naira 800,000 ta farko a shekara ba a taɓa ta, abin da ya biyo baya har zuwa miliyan uku kuma ana cire kashi 15. Duka albashin biyu sun faɗa cikin wannan mataki. Saboda haka daga dubu arba'in ɗin fansho zai ɗauki 3,200, haraji ya ɗauki kusan 5,500, saura ƙasa da dubu 32. Sai dai dokar tana kallon gidan da mai aiki ya ba ka a matsayin wani ɓangare na samunka, za a ƙiyasta hayarsa a yanke haraji a kai, shi kuma mai biyan haya da kansa ana yafe masa haraji a kan kashi 20 na hayar da ya biya. Idan hayar ɗaki biyu naira 240,000 ce a shekara, waɗannan biyun za su mayar da tazarar zuwa kusan dubu 35. Ita ce lambar da za a ɗora a kan sikeli.

Yanzu sai a tambaya: me gida da mota da magani za su sauke masa? Abin da mai aiki ya ce sun kai ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne abin da mutumin zai daina fitarwa daga aljihunsa. Idan a gidan haya yake zaune a Yelwa, naira 240,000 a shekara ta zama 20,000 a wata. Kabu-kabu zuwa da dawowa, mu ce naira 800 a rana, kwana 22, ya zama 17,600. Magani kuwa sai ya zauna da uwargida su tuno na bara: zazzaɓin cizon sauro sau nawa ya kwantar da yara a damina, awon ciki, ƙarin ruwa, gwajin jini. Mu ce sun haɗa naira 120,000, wato 10,000 a wata. Jimilla 47,600. Ga wannan magidanci aikin Wara ya fi na Yelwa da fiye da dubu 12 a kowane wata, duk da cewa lambarsa ce ƙarama.

To amma a canja abu ɗaya kawai. A ce mutumin ɗan Yelwa ne, yana zaune a sashensa a gidan mahaifinsa, yaran suna makarantar boko da Islamiyya a unguwa, mahaifiyarsa ta tsufa kuma matarsa ce ke kula da ita. Iyalin ba za su tashi ba. Nan take dubu 20 ta haya ta fita daga lissafi, domin dama ba ya biya. Sannan wani sabon kashe kuɗi ya shigo: kuɗin mota daga Wara zuwa gida kowane ƙarshen mako, mu ce naira 5,000 zuwa da dawowa, 20,000 ke nan a wata, ga kuma tukunya biyu, ɗaya a gida ɗaya a wurin aiki. Wanda ya taɓa zaman gwauro a bakin aiki ya san kuɗin shayi da burodi da tuwon mai abinci ba wasa ba ne. Abin da ya rage masa na riba bai kai dubu 8 ba, a gaban tazarar da ta haura dubu 34. Takardun nan biyu ba su canja ba, amma amsar ta juye gaba ɗaya.

A ganina, a cikin ukun nan motar ce mutane suka fi raina wa, kuma ita ce ta fi koya mana darasi a ƴan shekarun nan. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin ƴan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira dubu a gidajen mai da yawa. Ma'aikacin da aka rubuta wa alawus ɗin sufuri na dubu goma, dubu gomarsa ta ci gaba da zuwa, sai dai ba ta kai shi rabin wata. Wanda ake ɗauka a motar ma'aikata kuwa, mai aikin ne ya sha tsadar. Shi ya sa ya kamata a karanta takardar da kyau a gane ko mota ce da direba da mai, ko kuwa kuɗin mota ne da aka sa wa suna. Gwamnatin tarayya ta bi wannan hanya tun 2003, lokacin Obasanjo, inda ta mayar da gidaje da motocin ma'aikata zuwa alawus na kuɗi, kuma duk wanda ya ga yadda haya ta yi gaba ta bar alawus a baya ya san bambancin. A bakin tafkin Kainji akwai ƙarin tambaya da ɗan birni ba zai yi ba. Wasu ƙauyukan da gungunan sai da jirgin ruwa ake isa, wasu hanyoyin kuma damina na yanke su. Idan aikin ya haɗa da ƙetare ruwa, a tambayi jirgin wa za a shiga, mutum nawa yake ɗauka, ko akwai rigar kariya. Mutanen Wara ba su manta da jirgin da ya nutse a watan Mayun 2021 da fasinjoji fiye da ɗari ba.

Inshorar lafiya ita ce mafi wuyar sa wa farashi, domin amfaninta na gaske ba a zazzaɓin kowace damina yake ba. Yana ranar da aka ce sai an yi wa mace aiki kafin ta haihu, ko mutum ya faɗi a babur ya karye, kuɗin da kan ci albashin wata biyu ko uku, ya sa a sayar da tunkiya ko buhunan shinkafa tun kafin su yi daraja. Amma kalmar “kula da lafiya” a takardar aiki tana iya nufin abubuwa uku daban-daban. Tana iya zama kati na inshora, na hukumar NHIA ta tarayya ko KECHEMA ta jihar Kebbi ko na kamfani mai zaman kansa. Tana iya zama ka biya ka kawo rasit a mayar maka, wanda ke nufin sai kana da kuɗin a hannu a daren da ciwon ya zo. Tana kuma iya zama ɗan ɗakin shan magani a wurin aiki, mai farasitamol da maganin zazzaɓi.

Ko katin ne, yana da iyaka. A tsarin ma'aikata na NHIA, wanda aka rufe shi ne ma'aikacin da mata ɗaya da ƴaƴa huɗu na cikinsa da ba su kai shekara 18 ba, kuma yana biyan kashi 10 na kuɗin magani. Mata ta biyu, da yaro na biyar, da ɗan riƙo, da tsohuwa sai an yi musu rajista daban da ƙarin kuɗi. A gidajenmu kuwa sau da yawa tsohuwar ce ke da hawan jini ko ciwon suga, ita ce ke shan magani kowane wata. Sai batun asibiti. A nemi sunan asibitin da katin ke aiki a cikinsa, a je a tambayi ma'aikatan wurin ko suna karɓarsa. Katin da sai a Birnin Kebbi ake amsarsa, ga mai zama a Shanga ko Wara, yana nufin tafiyar sa'o'i da kuɗin mota na mutum biyu kafin a ga likita. Idan aka tura mara lafiya Sakkwato, kuɗin hanya da na abincin mai jinya a kan iyali suke.

Gidan ma haka, a je a gan shi da ido kafin a sa hannu. Ɗaki biyu ne da kewaye irin wanda matar aure za ta zauna, ko ɗaki ne da za a raba da wani gwauro? Rijiya ko famfo na nan, ko sai an sayi ruwan garuwa? Wuta fa, wa ke biya, kuma in janareto ne ƙarfe nawa ake kashewa? Tun bayan da aka sace ɗalibai da malamai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, babu magidancin da zai kai iyalinsa gidan da ke bayan gari ba tare da ya tambayi yadda tsaron wurin yake ba. Sannan gidan aiki a ɗaure yake da aikin. Ranar da aka sallami mutum, albashi da makwanci da katin asibiti tare suke tafiya, alhali mai haya yana da sauran watannin da ya biya.

Babban albashi yana da tasa hujjar da ba a gani a wata. A misalinmu, naira 7,200 ce ke shiga asusun fanshon mutumin Yelwa kowane wata sama da na Wara, 3,200 daga gare shi da 4,000 daga kamfani, muddin ana zubawa da gaske, abin da zai iya dubawa a bayanin asusunsa. Ƙarin albashi ma galibi a kan lambar da kake karɓa ake ɗora shi, kuma ita ce mai aiki na gaba zai tambaya.

Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Ban ga dalilin jiran wata ukun ba. Kafin magidancin nan ya ɗaure katifa a bayan mota ya nufi Wara, ya roƙi a rubuta masa lambar gidan, da wa'adin da za a ba shi ya tashi idan aiki ya ƙare, da sunayen mutum biyar ɗin da katin ya rufe, da ranar da katin zai fara aiki a asibiti.