Idan Dila Ya Makara Da Kaya Karo Na Biyu

Karo na farko da kaya suka makara, kiran waya ya wadatar. Mota kan lalace, direba kan kwana a hanya. Idan aka maimaita kuwa, sai a rubuta takarda, domin yaron shagon da ke cewa "a yi haƙuri, mota na hanya" ba lalle ne ya kai ƙorafin kunnen maigidansa ba.

A ɗauka mai gidan burodi ne, yana sayen fulawa buhu 50 duk ranar Litinin, kuma yana biya kafin a kawo. Kafin ya ɗauki biro, sai ya fito da rasit da takardar da direba ya zo da ita, ya tabbatar da ranaku. Kuskuren rana ɗaya ya isa dila ya mayar da maganar musu. Bayan sallama da tambayar iyali da kasuwa, layi biyu kacal, sai ya shiga magana:

"Alhaji, mun yi da ku za a kawo buhu 50 ranar 3 ga Maris, ba su iso ba sai ranar 5. Na ranar 17 kuma sai ranar 20 muka gan su. A karo na biyun mun yi kwana biyu ba mu kunna wuta ba, ga ma'aikata mun biya, masu shayin da ke sari a wurinmu kuma sun koma wani gida."

Babu "kullum haka kuke" a ciki, babu "kun raina mu". Sau biyu ne, sai a ce sau biyu. Wanda aka kira mayaudari kare mutuncinsa zai tsaya yi, maganar fulawa ta bi ruwa. Wanda aka jera wa ranaku kuwa, littafinsa zai buɗe.

Inda mutane suka fi sakin layi shi ne ƙarshen takardar. Kunya kan sa a rufe da "muna fatan za a gyara", alhali wannan ba ya ɗaure kowa. A faɗi abin da ake so:

"Muna roƙon kayan ranar 24 su iso kafin azahar. In akwai cikas, a sanar da mu tun ranar Asabar. Idan aka sake makara, za mu raba cinikin, rabi mu saya a wani wuri. Mun daɗe tare, ba ma son a kai ga haka."

Sai dai kada a rubuta wannan gargaɗin sai an riga an tambayo farashi wurin wani dila. In kuma kana karɓar kaya bashi ne, sassauta murya, ka tsaya kan neman sanarwa da wuri. A miƙa takardar hannun Alhajin kansa, a ajiye kwafi tare da rasit.