Saƙon Ranar Haihuwa Bayan Dogon Shiru

Shirinmu na yau a kan gajeren saƙo ne mai nauyin rubutawa: barka da zagayowar ranar haihuwa ga mutumin da kuka yi shekaru ba ku ji daga juna ba. Aikin irin wannan saƙo ɗaya ne, ya sa gaisuwa ta dawo tsakaninku. Shari'ar abin da ya wuce sai an zauna ido da ido.

Kafin ka taɓa waya, tabbatar da ranar. Mutanenmu da yawa ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, sai aka sa musu 1 ga Janairu a takardun makaranta ko katin shaida, kuma ita Facebook yake tuna maka. Idan ka yi wa ɗan'uwanka barka a ranar da ya san ta takarda ce kawai, zai gane na'ura ce ta tuna da shi. Tambayi wata gwaggo ko wani na gida. A wajen tambayar kuma ka ji yadda ya ɗauki al'amarin, domin akwai waɗanda ba sa bikin ranar haihuwa saboda fahimtarsu ta addini. Irin wannan mutum, addu'ar tsawon rai cikin albarka ta ishe shi, ba sai ka tura hoton kek da kyandir ba.

Lambar ma a bincika. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi, kamfanin waya kan ba wani sabon mutum, sai sirrin gidanku ya faɗa hannun baƙo.

To, bari mu ɗauki misali. Wani da ɗan baffansa, wanda ya girme shi, sun ɓata kan rabon gonar gado. Shekara bakwai ba waya, ba ziyara. A tsakanin nan mahaifiyar yayan ta rasu, ƙanin bai je gaisuwa ba. Abin da hannu ke saurin rubutawa shi ne: "Barka da ranar haihuwa. Kwana biyu, ka manta da mu." Ku dubi abin da wannan ya yi. Bai faɗi ko wane ne ba, alhali mai yiwuwa an goge lambarsa, kuma a zamanin 'yan damfara saƙon baƙuwar lamba abin zargi ne. Ya ɗora laifin shirun a kan wanda ake gaisarwa. Sannan ya tsallake rasuwa kamar ba a yi ba.

Ga yadda ya fi dacewa:

"Assalamu alaikum Yaya. Ƙaninka ne na gidan Baffa, wanda ka koya wa keke a filin makaranta. Na san na yi nisa, kuma ban zo gaisuwar Inna ba. Ka yafe mini. Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta. Yau ranar haihuwarka ce, Allah ya ƙara maka lafiya da shekaru masu albarka, ya raya zuri'a. A gaida Anti da yara. Duk lokacin da ka samu sarari, ina son in ji muryarka."

Kun ji ta'aziyya ta riga barka, domin a wajenmu ba a taya mutum murna alhali yana bin ka gaisuwar mutuwa. Maganar keken nan kuwa shaida ce da ɗan damfara ba zai sani ba, tana kuma tuna wa yayan zamanin da ba a yi faɗa ba. Neman afuwar gajere ne, babu "amma kai ma" a bayansa. Gona ba ta shigo ba sam. Babu kuma roƙon kuɗi ko na aiki, don da zarar buƙata ta biyo gaisuwa, za a ɗauka ita ta kawo ka.

Idan yayan ba mai karatun boko ba ne, saƙon murya ya fi, kada dai ya wuce minti ɗaya. Kuma ka tura masa kai tsaye, kada ka sa a zauren WhatsApp na dangi, inda zai ji an tilasta masa amsawa a gaban jama'a.

Bayan ka tura, alama ɗaya a WhatsApp na nufin saƙon bai isa wayarsa ba tukuna. Biyu na nufin ya isa, shuɗaye kuma an buɗe, sai dai wasu kan kashe wannan alamar. Idan amsar "Amin, na gode" ce kawai, ka karɓa hannu biyu, bayan 'yan kwanaki ka kira. Idan shiru ne, kada ka bi shi da ƙorafi. Jira Sallah ka sake gaisuwa, ko ka nemi dattijon da yake jin nauyinsa ya shiga tsakani, ku je gida tare, tunda zumunta a ƙafa take.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, ku huta lafiya.