Gargaɗin da ya yi yawa ba a jin sa

Bankuna da kamfanonin waya suna da manyan kwamfutoci da ba sa barci, kuma akwai manhajar da ke gadinsu. Da ta ga alamar matsala sai ta aika saƙo zuwa wayar injiniyan da ke bakin aiki. To amma idan wayar ta yi ƙara sau talatin a dare, kuma duk lokacin da ya duba ya tarar ba komai, a hankali zai daina dubawa. Ranar da gobarar gaske ta tashi, saƙonta zai shige cikin tarkacen. Laifin ba na injiniya ba ne, na wanda ya tsara iyakar ne.

Mu ɗauki ma'ajiyar bayanai mai cin gigabait 1,000. Da yawa sukan ce a yi gargaɗi idan ta cika kashi 80 cikin ɗari. A lokacin saura gigabait 200. Idan gigabait 2 ake ƙarawa kullum, akwai sauran kwana 100, me ya kawo tashin mutum da tsakar dare? Amma a ce ma'ajiyar tana rabi, sai wata manhaja ta rikice tana zuba gigabait 100 duk awa. Cikin awa biyar za ta cika, amma gargaɗin ba zai zo ba sai awa uku sun wuce. Ashe abin lura shi ne saurin cikar. A manhajar Prometheus ana rubuta dokar haka:

```
expr: predict_linear(node_filesystem_avail_bytes[1h], 4*3600) < 0
for: 10m
```

Ma'ana, a duba yadda ma'ajiyar ta cika a awar da ta wuce, idan a haka za ta ƙare cikin awa huɗu, a yi magana. Layi na biyu kuwa ya ce sai lamarin ya ɗore minti goma, don kada ɗan motsi mai wucewa ya tada kowa.

Sai kuma batun wa za a kira. Abin da zai iya jiran safiya a rubuta shi cikin jerin ayyukan gobe. Wanda ke hana mutane aika kuɗi ko buga waya shi ya cancanci kira. Idan mai aikin dare bai amsa ba cikin minti goma, misali, kiran ya wuce ga mataimakinsa, daga nan ga shugaban sashe.

Injiniyoyin Google, a littafinsu na 2016, sun ce kada matsalolin da ake kiran mutum a kansu su wuce biyu cikin aikin awa 12. Shugabannin sashe, ku zauna duk mako ku duba saƙonnin da suka shigo. Wanda ya yi ta zuwa ba a ɗauki wani mataki a kansa ba, ku gyara iyakarsa ko ku goge shi.