Wayar da ke Magana: Shirin Musamman ga Masu Gina Manhaja



A ɗauka ga wani ɗan kasuwa mai lalurar gani a kasuwar Azare, zai tura wa abokin cinikinsa naira dubu ashirin. Wayarsa Android ce, ya kunna TalkBack, manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allo. In ya shafa yatsa zuwa dama, sai ta faɗi abu na gaba. In ya ƙwanƙwasa sau biyu, ta danna shi.

To, ya iso kan maɓallin turawa, wanda hoton kibiya ne kawai, babu rubutu. Mai ido ya gane. Ita kuwa TalkBack ba ta ga komai ba, sai ta ce maɓalli ne marar suna. Shin tura kuɗi ne, ko goge lambar asusu? Dole ya miƙa wayar ga wani, sirrin aljihunsa ya fita. Alhali gyaran layi ɗaya ne: mai gina manhajar ya cika gurbin `contentDescription` da aikin maɓallin, wato "tura kuɗi", ba "hoton kibiya" ba. Kada ya ƙara kalmar maɓalli, TalkBack na faɗa da kanta. Hoton ado kuwa a bar shi shiru, ya sa masa `@null`.

Sai girma. Google ya ba da shawarar kada wurin taɓawa ya gaza 48dp tsawo da faɗi, kusan milimita 9. Wani zai ce, ai ƙwanƙwasa biyu ko'ina a allo na aiki. Haka ne, amma da yawa lalube suke da yatsa don gano maɓalli, ƙarami kuma yatsa kan tsallake shi. Hoton 24dp ba sai an ƙara masa girma ba. A ba shi sararin 12dp ta kowane gefe, ya cika 48.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne jerin karatu. Idan TalkBack ta kai ɗan kasuwar nan kan "tabbatar" kafin ta karanta sunan mai karɓa da adadin kuɗin, zai iya amincewa da abin da bai ji ba. Suna da farko, sannan adadi, tabbatarwa a ƙarshe. Inda tsarin allon ya karkace, `accessibilityTraversalAfter` na daidaita shi.

Manhajar Accessibility Scanner za ta nuna muku maɓalli marar suna da wanda ya yi ƙanƙanta, amma jeri sai kunne. Don haka matasanmu masu wannan sana'a, ku kunna TalkBack, ku rufe ido, ku yi taransifa ɗaya daga farko har ƙarshe. Sannan ku kai wa mai amfani da TalkBack kullum ya gwada, kafin ku saki manhajar.